Fomula ɗaya ta cika jadawalin sau gaba ɗaya: ina ake sa alamar dala?

*"Salam Malam. Ina koyon Excel a wata cibiyar kwamfuta nan Sabon Gari, an ba mu aikin gida mu haɗa jadawalin sau daga 1 zuwa 12 da fomula ɗaya tak. Na jera 1 zuwa 12 daga `A2` zuwa `A13`, na jera wasu daga `B1` zuwa `M1`, na rubuta `=A2*B1` a `B2` na ja, sai wasu lambobin hauka suka fito har da `1.1E+11` da `#NUM!`. Abokina ya ce in sa alamar dala, na sa `=$A$2*$B$1`, yanzu kuma ko'ina 1 ne. Don Allah mene ne bambancin rilatif da absulut da mikis ɗin nan?"*

Wa'alaikumus salam ƙanina. Toh bari in fara ba ka amsar a hannu don kada ka ƙosa, wannan ce za ka rubuta a `B2`:

```
=$A2*B$1
```

Ka ja ta dama har `M2`, sannan ka ja layin gaba ɗaya ƙasa har layi na 13, shikenan aikin gida ya ƙare. Amma in ka kwafa ka tafi haka, wallahi ranar da malaminku ya juya teburin ko ya ce a fara daga `D5` za ka sake dawowa nan, don haka zauna mu bi ta a hankali. Jeren da ka yi na lambobin daidai yake, kar ka taɓa shi.

Abin da Excel yake ji in ka rubuta A2

Matsalar daga nan take farawa. Kai da ka rubuta `A2` a zuciyarka kana nufin wancan akwatin da ke gefen hagu mai lamba 1 a ciki. Excel ba haka ya ɗauka ba. Shi yana duba inda kake tsaye ne, kana `B2`, sai ya riƙe maganar a matsayin kwatance: "sel ɗin da ke hagu da ni, taku ɗaya". `B1` kuma ya riƙe shi a "sel ɗin da ke samana, taku ɗaya". Kenan fomularka ta farko ma'anarta ita ce na hagu sau na sama, ba wani abu ba, kuma wannan kwatancen ne yake ɗauka ya kai duk inda ka ja.

Kamar ka aiki yaro ne ka ce ya kai saƙo gidan da ke hannun hagunsa. In yana tsaye a Tudun Wada gida ɗaya zai shiga, in ka ɗauke shi ka ajiye a Gyallesu ka maimaita masa maganar, wani gidan daban zai shiga, kuma bai yi laifi ba don abin da ka ce ya yi. Wannan shi ne rilatif, adireshi mai bin ka duk inda ka je. Amma in ka ce masa Ƙofar Doka, to ko daga Samaru ya taso ko daga Jushi wuri ɗaya zai nufa. Wannan kuma shi ne absulut.

Yanzu bi lissafin da idonka ka ga inda haukan ya samo asali. A `B2` na hagu 1 ne na sama 1 ne, ya ba da 1, lafiya lau. Da ka ja zuwa `C2` fomular ta koma `=B2*C1`, wato 1 sau 2, ya ba da 2, kamar dai komai na tafiya daidai, alhali tuni ta bar kolom `A` ta koma cin amsar da ke gefenta. A `D2` ta zama `=C2*D1`, 2 sau 3, sai ga 6 a inda ya kamata a ga 3. Na gaba 24, na gaba 120, na gaba 720, kafin ka kai `M2` kana da 479001600 a wurin da 12 kawai ake nema. Ƙasa ma haka ne, `B3` ya ba da 2, `B4` ya ba da 6, `B5` ya ba da 24.

Tsakiyar teburin ne abin ya fi muni, don can kowane sel yana ninka ɓatattun amsoshi biyu ne, na hagunsa da na samansa. `C3` ya fito 4, daidai, amma dace ne kawai. `D4` da ya kamata ya zama 3 sau 3 ya zama 24 sau 24, wato 576. `E5` kuma, wurin 4 sau 4, ya zama 110075314176, kuma ita ce `1.1E+11` ɗin da ka gani, Excel ne ya taƙaita ta don ba ta shiga akwatin ba, ma'anarta 1.1 sau 10 har sau 11. Can ƙasa ta dama lambobin sun wuce iyakar abin da Excel ke iya riƙewa, wajen lamba mai sifili 308, shi ne ya ɗaga hannu ya rubuta `#NUM!`. Kaga kenan kwamfutar cibiyarku ƙalau take, ba bairos ba ne.

Kar ka ɗauka rilatif abu ne mara kyau fa. Shi ne ma aka fi amfani da shi kullum. In kana da makin gwaji a kolom `C` da makin jarabawa a kolom `D` na ɗalibai 60, ka rubuta `=C2+D2` ka ja ƙasa, so kake kowane layi ya haɗa nasa, ba ka so kowa ya samu makin ɗalibin farko. A nan ba a son dala ko ɗaya. Jadawalin sau ne kawai ya zo da buƙata ta daban saboda ana jan sa ta fuska biyu.

Shawarar abokinka

Abokinka bai yi ƙarya ba, maganin ne ya ba ka ya wuce kima. Alamar dala turke ce, ba ruwanta da kuɗin Amurka, an dai zaɓe ta ne a matsayin alama. Kuma ga abin da ya kamata ka riƙe da kyau: duk abin da ke biye da ita kai tsaye shi ta ɗaure, shi kaɗai. Adireshin sel kashi biyu ne, harafi wanda shi ne kolom, da lamba wadda ita ce layi. Dala kafin harafi ta ɗaure kolom, dala kafin lamba ta ɗaure layi. A `$A$2` ka kafa turke biyu, harafin ba ya motsi lambar ba ta motsi, haka ma `$B$1`. To duk sel 144 ɗin da ka cika tambaya ɗaya suke yi, `A2` sau `B1`, 1 sau 1, me kake so su ba ka in ba 1 ba? Da farko ka saki awaki duka sun shiga gonar mutane, yanzu kuma ka ɗaure su tamau ko kiwo ba sa iya fita.

Yadda ake gano inda turken zai zauna

Ni ba na haddace fomular nan, kuma ba na sa ɗalibaina su haddace. Abin da nake sa su yi shi ne su ajiye linzami su ɗauki biro, su zaɓi sel uku ko huɗu nesa da juna su rubuta da hannu abin da kowanne ya kamata ya ƙunsa. Gwada:

```
B2   =A2*B1
E2   =A2*E1
B7   =A7*B1
H9   =A9*H1
```

Yanzu duba ɓangaren farko na dukkansu daga sama zuwa ƙasa: `A2`, `A2`, `A7`, `A9`. Me ya tsaya? Harafin `A` bai taɓa canzawa ba, don lambobin gefen suna zaune ne a kolom `A` duk inda ka je. Me ya motsa? Lambar, tana bin layin da kake. To abin da ya tsaya shi ake sa wa dala, abin da ke motsi a bar shi sake, sai ka samu `$A2`. Koma ɓangare na biyu: `B1`, `E1`, `B1`, `H1`. Nan kuma akasin haka ne, lambar 1 ce ba ta canzawa tunda lambobin saman duk a layi na 1 suke, harafin ne ke yawo. Dala ta je gaban 1, ka samu `B$1`. Haɗa su ka ga ka dawo kan fomular da na ba ka a sama, kuma da kanka ka fito da ita.

Wannan mai turke ɗaya shi ake kira mikis, wato gauraye, rabi a ɗaure rabi a sake. Ni jirgin ƙasa nake tunawa da shi, yana gaba yana baya yadda ya ga dama amma ba ya sauka daga kan dogo. `$A2` dogonsa kolom `A` ne, yana hawa yana sauka a ciki. `B$1` dogonsa layi na 1 ne, yana dama yana hagu a kai.

Inda mutane suka fi rikicewa, kuma na ga wannan ya fi a ƙirga, shi ne suna cewa "ai lambobin `A` a tsaye suke suna gangarowa ƙasa, to lambar zan ɗaure". A'a. Ba ka ɗaure hanyar da kake so ya bi, wadda ba ka so ya bi ita kake toshewa. `A2` so kake ya gangara ƙasa, abin da ba ka so shi ne ya zame zuwa `B`, `C`, `D` lokacin da ka ja dama, don haka harafin za ka riƙe. In ka juya su ka rubuta `=A$2*$B1`, abin dariya, teburin zai sake cika da 1 ko'ina kamar na abokinka, saboda ɓangaren farko zai riƙa yawo a layi na 2 na biyun kuma a kolom `B`, su kuma nan duk 1 ake haifa tun daga sel na farko, 1 ke cin 1 har ƙarshe. Saboda haka in ka ga 1 ta cika fuska, abu biyu za ka zarga, ko dala ta yi yawa ko ta zauna a gurbin da ba nata ba.

Akwai wani kuskuren da ya fi waɗannan haɗari don shi ba ya ihu. Mutum ya gyara rabi ya manta rabi, ya rubuta `=$A2*B1`. Layin sau 1 zai fito daidai, 1, 2, 3 har 12. Layin sau 2 ma zai fito daidai, 2, 4, 6 har 24, saboda yana ninka 2 da layin da ke samansa, shi kuma layin saman ya yi kama da kan teburin sak. Sai mutum ya duba layi biyu ya ce Alhamdulillahi ya rufe. A layin sau 3 ne asiri ke tonuwa, `B4` ya zama `=$A4*B3`, 3 sau 2, ya ba da 6 maimakon 3, na kusa da shi 12 maimakon 6. Lamba 1 munafuka ce a wannan aikin, duk abin da ka ninka da ita ba ya canzawa, shi ya sa take rufa wa ɓatacciyar fomula asiri. Kar ka taɓa gwada tebur da kusurwar sama ta hagu.

Hannu a kan kibod

Ba sai ka riƙa laluben `Shift` da `4` kana saka dalar ɗaya bayan ɗaya ba. Kana cikin rubuta fomula, da zarar ka danna sel ko ka rubuta adireshinsa, buga `F4`. Bugun farko ya mai da `A2` ya zama `$A$2`, na biyu `A$2`, na uku `$A2`, na huɗu ya dawo da shi `A2` yadda yake. Kenan a namu aikin, ka rubuta `=` ka danna `A2` ka buga `F4` sau uku, ka sa `*` ka danna `B1` ka buga `F4` sau biyu. A laftof da yawa in ka buga `F4` ba abin da zai faru a fomular, sai dai ka ga sauti ko hasken fuska ya canza, to sai ka haɗa da `Fn`. In a waya kake yi, da Google Sheets ko WPS, da hannu za ka rubuta dalar, amma ma'anarta ɗaya ce a dukkansu, har da LibreOffice.

Wajen cikawa kuma, ɗan ƙaramin ɗigon nan mai kusurwa huɗu da ke gindin sel ta dama, fuska ɗaya yake jawuwa a lokaci guda, shi ya sa na ce dama tukuna sannan ƙasa. Ni yadda na fi so, in fara zaɓar `B2` har `M13` gaba ɗaya su yi duhu, in rubuta fomular ba tare da na danna ko'ina ba, sannan maimakon `Enter` in buga `Ctrl` da `Enter` tare. Nan take sel 144 su cika, ɗalibai har tafi suke yi ranar farko. Ko ka kwafi `B2` ka zaɓi filin ka manna, duk ɗaya ne.

Sai dubawa. Je ka wani sel can tsakiya, misali `H9`, ka buga `F2`. Za ka ga fomular ta zama `=$A9*H$1`, kuma Excel zai zagaye sel biyun da take ci da launi, ɗaya a can gefen hagu ɗaya a can sama, amsa 56, wato 8 sau 7. In ka ga launin ya faɗo cikin teburin a maƙale da sel ɗin da kake, to wani turken ya tsinke. Buga `Esc` ka fita don kar ka ɓata ta. Bayan nan bi gicciyen teburin daga `B2` zuwa `M13`, dole ka ga 1, 4, 9, 16, 25 har 144. In kana son shaida guda da za ta rufe bakin kowa, rubuta wannan a wani sel a waje:

```
=SUM(B2:M13)
```

Dole ta ba ka 6084. Dalili, 1 zuwa 12 in ka tara 78 ne, jimillar teburin kuma 78 sau 78 ce. In ta ba da wani abu daban, akwai sel ɗin da aka taɓa da hannu ko fomular da ta kauce.

To ina amfanin mai turke biyun?

A jadawalin sau zalla ba shi da gurbi, amma da ka ɗan ƙara masa abu ɗaya sai ya samu aiki, kuma a nan ne teburin ke tashi daga aikin gida ya zama abin neman kuɗi. Ɗauki masu shagon hoto-kwafi na Samaru, ɗalibi ya zo da handawut shafi kaza yana son kwafi kaza, mai shago na ta danna kalkuleta layi na jiransa. Canza lambobin gefe su zama yawan shafi, 5, 10, 15 har 60, ka bar na sama a matsayin yawan kwafi, 1 zuwa 12. Kuɗin shafi ɗaya kuma, mu ce naira 30, ka ajiye shi shi kaɗai a `O1`. Fomular `B2` ta zama:

```
=$A2*B$1*$O$1
```

Ka ga na ukun turke biyu gare shi, don farashin wuri ɗaya yake zaune, ko ka ja dama ko ka ja ƙasa can za a koma a ɗauko shi. Shafi 20 kwafi 5 yana `F5`, fomularsa `=$A5*F$1*$O$1`, amsa 3000. Ranar da takarda ta yi tsada ko man janareta ya tashi, mai shago ya goge 30 ya sa 40 a sel ɗaya, duk teburin ya juya, `F5` ya koma 4000. Da ya rubuta `*30` a cikin fomular kai tsaye, sai ya bi ya sake ta duk lokacin da farashi ya motsa, kuma wata rana zai gyara wasu ya manta wasu. In ka manta dalar gaba ɗaya ka bar `O1` tsirara, sel na farko ne kawai zai yi daidai, na damansa zai nemi `P1` ya tarar da fanko, Excel kuma fanko sifili yake ɗaukarsa wajen ninkawa, sai ka ga 0 ta bazu.

Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon. Wani ɗan'uwana mai irin wannan shagon na haɗa wa teburin cikin gaggawa ana kiran magariba, na jera masa farashi uku, baƙi da fari 30 a `O1`, gaba da baya 50 a `O2`, mai kala 200 a `O3`. Garin buga `F4` na zarce, ya tsaya a `$O1` ban lura ba. Na duba layin farko na ga daidai, na tura masa na tafi masallaci. Ashe layi na biyu ya zame ya ɗauki 50, shafi 10 kwafi ɗaya ya fito 500 maimakon 300, na uku ya ɗauki kuɗin kala, shafi 15 ya fito 3000 maimakon 450, daga nan zuwa ƙasa kuma duk 0. Da safe ya kira ni yana dariya wai Yaya wannan teburin naka shafi 15 ya fi shafi 60 tsada, na 60 ɗin ma kyauta ne. Sifilin ne ya cece mu don shi ya ja idonsa, da a ce kolom `O` cike yake da lambobi har ƙasa, da sai an yi rigima da kwastoma kafin a gane.

Abin da dala ba ta yi

Kalmar "ɗaurewa" ko "kullewa" da muke amfani da ita tana yaudarar mutane, sai su ɗauka ta fi ƙarfinta. Dala tana aiki ne lokacin kwafi da ja kawai. Ba ta hana kowa goge abin da ke `O1` ko canza shi, wannan aikin `Protect Sheet` ne, wani babi daban. Kuma ba ta canza amsar sel ɗin da ka rubuta ta a ciki ko kaɗan, a `B2` ɗinka `=A2*B1` da `=$A$2*$B$1` da `=$A2*B$1` duk 1 suke bayarwa, bambancin sai an ja yake fitowa. Shi ya sa in fomula a sel ɗaya za ta zauna ba za a kwafe ta ba, sa dala ko rashin sa duk ɗaya.

Sannan in ka cusa sabon layi a saman teburin don ka rubuta take, kar ka tsorata in ka ga `B$1` ya koma `B$2`, `$O$1` ya koma `$O$2`. Ba turken ne ya tsinke ba, lambobin ne suka ƙaura zuwa layi na 2, Excel ya bi su da adireshin, kuma haka ake so. Haka in ka yanke `O1` da `Ctrl` da `X` ka manna shi a wani wuri, duk fomulolin za su bi shi sabon gidansa. Yankan fomula ma daban yake da kwafinta, in ka yanke sel mai `=A2*B1` ka kai shi nesa, zai ci gaba da kallon `A2` da `B1` ɗin nan dai ko babu dala, kwafi ne kaɗai ke sa kwatancen ya zame. Amma in ka cire kolom `O` ɗungurungum da `Delete` na kolom, ba wai goge abin ciki kawai ba, to gidan ne ka rushe, dala ba ta da abin riƙewa, teburin zai cika da `#REF!`, sai dai ka yi maza ka buga `Ctrl` da `Z`.

Wani abu kuma, ka ce fomula ɗaya malaminku ya nema, wataƙila wani a ajin ya yi gardama ya ce ai 144 ne tunda kowane sel da irin rubutunsa. In kana son ka kashe gardamar, shiga `File`, `Options`, `Formulas`, ka kunna `R1C1 reference style`. Haruffan kolom za su koma lambobi, kuma duk sel ɗin da ka danna a teburin sau ɗin abu ɗaya za ka gani:

```
=RC1*R1C
```

Wato layin da nake kolom na 1, sau layi na 1 kolom ɗin da nake. Ka ga ashe tun asali fomula ɗaya ce, fuskar da ake nuna mana ce ke canzawa. Taka ta farko a wannan yanayin `=RC[-1]*R[-1]C` za ta nuna, taku ɗaya hagu sau taku ɗaya sama, daidai kwatancen yaron aike da muka fara da shi. Ka tabbata ka kashe shi kafin ka tashi, kar na bayanka ya zo ya tarar babu `A`, `B`, `C` ya ce ka lalata kwamfutar cibiya.

In kuma ka ci karo da wani ya nuna maka `=A2:A13*B1:M1` a sel ɗaya ta zube ta cika teburin ba ja ba dala, gaskiya ne tana yi, amma a sabon Excel ne, Microsoft 365 da 2021 zuwa sama. Kwamfutocin cibiyoyi da yawa a garin nan 2010 ko 2013 ko 2016 ne a kansu, a can in ka buga `Enter` ba za ta zube ba. Kuma ko ta yi, ba ita malaminku ke son gani ba, so yake ya danna `H9` ya ga inda ka ajiye dalolinka.

Kafin ka kai aikin, buɗe sabon shafi ka sake gina teburin daga wani wuri, lambobin gefe su fara daga `C6` zuwa ƙasa, na sama su fara daga `D5` zuwa dama, kar ka leƙa fomular da na ba ka. Rubuta sel huɗu da biro yadda muka yi, ka ja layi ƙarƙashin abin da bai motsa ba. In abin da ka rubuta a `D6` ya cika teburin jimilla ta ba ka 6084, turo min fomular in gani.